Ta yafe masa ko ba ta yafe ba? Yadda ake gane abin da fassara ta canja a diramar ƙasar waje

Sau nawa ka ga mutum biyu sun kalli kashi ɗaya na siris ɗaya amma suna musu kamar ba abu ɗaya suka kalla ba? Wannan ya ce ai yarinyar ta yafe wa gayen tun a ofis, wancan ya ce ina, wulaƙanta shi ta yi, kuma kowa da gaskiyarsa domin ɗaya mai murya ya kalla ɗaya kuma mai rubutu a ƙasa. Galibi sai a ce mai fassara ne bai iya ba a wuce wajen. Wani lokacin haka ne, amma yawancin canjin da kake gani ba rashin iyawa ba ne, takura ce, kuma takurar mai sabtaitil daban take da ta mai ɗora murya, wato mai dobin, shi ya sa kowanne yake yanka labarin ta inda ya fi masa sauƙi. Idan ka san takurar kowannensu za ka iya zama da sin ɗaya tak, wato fitowa ɗaya a cikin fim, ka gano me aka cire, me aka ƙara, da dalili, ko da ba ka jin harshen asalin. Ga yadda nake yi.

Da farko, zaɓi sin kuma ka san wane rubutu ne a gabanka

Kar ka ɗauki kashi guda, zai gajiyar da kai. Sin na minti ɗaya zuwa biyu ya isa, wanda mutum biyu ke magana kuma wani abu ya sauya tsakaninsu kafin ya ƙare, faɗa ko sulhu ko zolaya. Idan da hali wanda kamara ke matsowa fuska, za ka ga amfaninsa nan gaba.

Kafin ka danna komai duba jerin sabtaitil ɗin. A manhajojin kallo irin su Netflix sau da yawa za ka ga Turanci kala biyu, `English` da `English [CC]`. Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne, na biyun dai an ƙara masa bayanin sauti ne saboda kurame. A diramar da ba da Turanci aka yi ta ba, na biyun yawanci kwafin maganar masu ɗora murya ne, wato ba fassarar asalin ba ce kai tsaye, rubutaccen dobin ne. Idan ka kwatanta shi da muryar Turanci za ka ga sun yi daidai kalma da kalma sai ka ce ai babu wani bambanci, alhali abu ɗaya ka kwatanta da kansa. Gwajin ba wuya: kunna muryar fassara tare da rubutun, in suna tafiya tare tiryan-tiryan to canja rubutu.

Don mu sami abin aiki bari in tsara mana sin irin wanda ya cika diramar Koriya. Namiji da mace abokan aiki, shekara guda suna magana da juna cikin ladabi, jiya ya kunyata ta gaban shugabansu, yau ya zo teburinta ya miƙa mata tuffa da hannu biyu ya ce "je sagwarul badajuseyo". Ta kalli tuffar, ta kalle shi, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi ta danne, ta ce "dwesso", ta juya ga kwamfutarta. Shi kuma ya tsaya ya zaro ido. Shi ke nan sin ɗin, bai kai sakan goma sha biyar ba, amma abubuwa uku ne a ciki da fassara za ta iya kashewa.

Kallo na farko: muryar asali, babu fassara ko kaɗan

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa kuma shi ne ginshiƙin aikin. Kashe sabtaitil, bar muryar asali, ka kalla sau biyu. Ba ma'ana kake nema ba, taswirar sin ɗin kake zanawa: wa ya fi daɗewa yana magana, a ina aka yi shiru, a ina murya ta tashi, a daidai wace daƙiƙa fuskar mai saurare ta canja, ina kiɗa ya shigo kuma wane iri ne. Ka rubuta a takarda da lokacinsa, misali sakan na 4 ya miƙa tuffa, na 6 ta danne dariya, na 9 ta faɗi kalma ɗaya gajeruwa, na 10 ya razana.

Amfanin wannan shi ne fuska da kiɗa ba a fassara su, suna nan yadda darakta ya bar su, don haka su ne shaidunka. A sin ɗinmu shaidu biyu ne. Danne dariyar da ta yi na nuna akwai abin dariya a maganarsa. Razanar da ya yi na nuna kalmarta ɗaya ta ɗauko abu mai nauyi. Duk fassarar da ka karanta ko ka ji daga baya, tambayarka ɗaya ce: shin wannan maganar za ta sa mace danne dariya, waccan kuma za ta sa namiji zaro ido? In amsar a'a ce to wani abu ya faɗi a hanya.

Kallo na biyu: sabtaitil, da ɗan lissafi

Mai sabtaitil yana aiki ne cikin akwati. Layi biyu ne iyaka a allo, kowane layi a ƙa'idar Netflix bai wuce harafi 42 ba har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, rubutu ba ya wuce sakan 7 a allo, sannan ana lissafin saurin karatun mai kallo, wajen harafi 17 zuwa 20 a sakan ɗaya ga manya a harsunan da ake rubutawa da boko, na yara ƙasa da haka. Baki kuwa ya fi ido sauri, musamman in ana faɗa ko mutum biyu na katse juna. Saboda haka dole a rage, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne abin da ake ganin ba ya ɗauke da labari: kiran suna, maimaici, inda-inda, "ai", "fa", "dai", "ko ba haka ba". Matsalar ita ce a cikin waɗannan tarkacen ne halin mutum yake zaune. Mai in'ina saboda tsoro da mai magana kai tsaye duk sai su fito da jimla ɗaya tsaf a rubuce, shi ya sa mutanen sabtaitil suke zama kamar sun fi na asali natsuwa da taƙaita zance.

Mu koma kan tuffa. Abin dariyar shi ne a Koriyanci "sagwa" na nufin tuffa kuma tana nufin ban haƙuri, don haka jimlarsa ɗaya na cewa "ki karɓi tuffata" da "ki karɓi ban haƙurina" a lokaci guda. Ya faɗe ta cikin sakan biyu, wato a saurin 17 mai fassara na da harafi 34. Zai iya rubuta "Ki karɓi tuffa, ki yi haƙuri", da ɗigon ƙarshe harafi 29, ya shiga akwati, ma'ana ta fito, amma dariya ta mutu, mai kallo zai ga mace na danne murmushi ba tare da ya san dalili ba sai ya ɗauka tuffar ce ta ba ta dariya ko kuma dama tana son sa. Zai iya ƙara bayani a saman allo cewa a Koriyanci tuffa da ban haƙuri kalma ɗaya ce, wanda masu fassarar sa-kai suka fi yi, amma wannan bayanin kaɗai ya haura harafi 40, in ka haɗa da jimlar kana buƙatar sakan huɗu da wani abu ga shi biyu gare ka, kafin ka gama karantawa ta riga ta ba shi amsa ba ka ga fuskarta ba. Kuma gaskiya barkwancin da sai an yi maka bayaninsa fahimta kawai kake yi, ba dariya ba.

To ga abin da za ka yi a wannan matakin. Duk inda taswirarka ta nuna an daɗe ana magana amma rubutun gajere ne, sa alama, an rage. Duk inda fuska ta yi abin da rubutun bai isa ya jawo ba, sa alama, akwai wasan kalma ko sauyin ladabi da ya ɓace. Sai kuma zagi: ashar a rubuce ya fi ashar a baki zafi, ido na tsayawa a kansa, shi ya sa masu sabtaitil da yawa suke sassauta shi, sai ka ga mutum jijiyar wuyansa ta tashi yana tofar da yawu amma a ƙasa an rubuta "kai, ka bari mana".

Kallo na uku: muryar fassara, idonka kan leɓe

Shi mai ɗora murya ba ruwansa da adadin harafi, nasa akwatin bakin ɗan wasa ne. Abu uku yake bi. Na ɗaya tsawon magana, ta fara lokacin da baki ya buɗe ta ƙare lokacin da ya rufe. Na biyu haɗuwar leɓe, domin sautukan b da m da p ba sa fita sai leɓe sun haɗu kuma ido na kama wannan nan take in kamara na kusa. Na uku motsin jiki, in ɗan wasa ya girgiza kai ko ya nuna abu da yatsa dole kalmar da ta dace ta faɗo a daidai wurin. Ma'ana tana zuwa ne ta huɗu a sin ɗin da fuska ta cika allo, amma in an nuno mutum ta baya ko daga nesa marubucin na da 'yanci ya faɗi abin da ya ga dama, kuma nan ne ake cusa bayanin da aka kasa sawa a baya, ko ƙarin barkwancin da babu shi a asali. Ka lura da kyau, yawancin ƙarin gishiri a dobin yana faruwa ne lokacin da ba ka ganin bakin mai magana.

Mu ce Hausa za mu mayar da sin ɗinmu. Jimlar asalin gaɓa tara ce: je-sa-gwa-rul-ba-da-ju-se-yo, leɓe sun haɗu sau ɗaya a gaɓa ta biyar, kuma ta ƙare da baki a zagaye. Mun yi sa'a Hausa na da kalmomi biyu masu kama da juna, tuffa da tuba, sai mu ce "Ga tuffa, ki karɓi tubana", ƙirga ka gani, ita ma gaɓa tara ce cif. Haɗuwar leɓen "ɓi" ta faɗo a ta shida, kusa da ta asali, ba mai ganewa. Amma "ba" ta tubana ta faɗo inda bakin ɗan wasan ke buɗe, kuma mun ƙare da "na" shi kuwa bakinsa na kan "yo". In kamara na nesa ya wuce lafiya, in tana kan fuska darakta zai iya cewa a sake, kuma daga nan ne ake fara sadaukar da ma'ana saboda leɓe.

Ko da ta wuce, duba abin da ya canja. A asali kalma ɗaya ce mai fuska biyu, yana iya yin fuskar shanu kamar bai san ya yi wasa ba, ita ce za ta gano. A tamu kalmomi biyu ne ya jera da gangan, ya zama mai zolaya a fili. Sannan "tuba" ta fi "ban haƙuri" nauyi, kalma ce ta wanda ya rusuna, ƙaramin da ya yi wa babba laifi ko bawa gaban Ubangijinsa, sai mutumin ya fito ko dai ya fi na asali ƙanƙan da kai ko kuma ya fi shi iya shege, ya danganta da yadda mai muryar ya furta. An ceto dariyar amma an ɗan taɓa halin mutumin. Ni dai a wajena wannan cinikin ya yi, na fi son sa a kan sabtaitil ɗin da ya bar matar tana murmushin da ba dalili, amma ciniki ne, ba kyauta ba.

Kar ka manta da ita kanta muryar. Rabin wasan ɗan wasa a maƙogwaronsa yake, kuma dobin na cire shi gaba ɗaya ya sa na wani. Saurayi mai siririyar murya mai rawa in aka ba shi murya mai kauri ya tashi daga mai kunya ya koma mai isa ba tare da an canja kalma ko ɗaya ba. Rufe ido ka saurari layi ɗaya a asali sannan a fassara, ka tambayi kanka shekarun mai maganar nawa kuma tsoro yake ji ko gadara, in amsoshin biyu sun bambanta ka rubuta.

Yanzu kalmar da ta fi komai wahala: "dwesso"

A nan nake son mu daɗe, domin barkwanci in ya ɓace ka yi asarar dariya ɗaya ne kawai, amma wannan in ya ɓace labarin ne ke karkacewa.

Kalmar na da matsala biyu. Ta farko ma'anarta a buɗe take, tana iya zama "ya isa", "bar shi", "ba na buƙata", har "ya wuce", sai yanayi ya fayyace. Marubucin asali da gangan ya zaɓe ta don a bar mai kallo cikin shakka. Mai fassara kuwa da wuya ya sami kalma mai faɗin haka, dole ya zaɓi ɓangare. In mai dobin ya sa "ba komai", ga "ba" ga "ma" leɓe na haɗuwa inda na asali bai haɗu ba amma tsawon ya yi kusan daidai, to ta yafe. In mai sabtaitil ya sa "Riƙe abinka", ta ƙi. Ka ga inda musun mutum biyun nan na farko ya samo asali, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. "Bar shi" ce ta fi kusa da riƙe fuska biyun, kuma ita zan zaɓa.

Matsala ta biyu ita ce dalilin zaro idonsa. Koriyanci na nuna ladabi a ƙarshen aiki, mafi sauƙin ganewa shi ne "yo" da ake liƙawa a ƙarshen jimla. Shekara guda tana ce masa irin su "dwessoyo", yau ta yar da "yo" ɗin. Yin haka ga abokin aiki ba tare da an yi yarjejeniya ba ko dai raini ne ko kuma alamar an matso kusa, kuma diramar soyayya na rayuwa ne a kan wannan shakkar. Turanci ba shi da wannan, kowa "yu" ne, sarki da yaro, don haka sabtaitil ɗin Turanci yakan wuce shiru kamar ba abin da ya faru. Mai fassara mai kula yakan rama a wani wuri: in tun farkon siris ɗin ya sa tana kiransa da laƙabi, Malam wane ko Manaja, yau sai ta kira sunansa tsirara, ko ya ƙara wa namijin layi lokacin da aka nuno bayansa, "yau ni kike wa magana haka?". Wannan ramawar sai wanda ya san inda labarin ya dosa, wanda ake ba shi kashi ɗaya-ɗaya yana fassarawa cikin gaggawa ba zai tanadi laƙabin tun kashi na ɗaya ba.

Ba sai ka iya harshen ba kafin ka kama irin wannan, kalmomi kaɗan za ka haddace kunnenka ya riƙa tsinta. A Koriyanci saurari "yo" a ƙarshe, da ranar da ta ɓace. A Turkanci "siz" na girmamawa ne "sen" na sabo. A Indiyanci hawa uku ne, "ap" na girmamawa, "tum" na tsaka-tsaki, "tu" na kusanci sosai ko na cin mutunci, miji da mata da suka koma "ap" a tsakiyar faɗa bayan sun saba da "tum" sun faɗi abin da ya fi zagi ciwo. Haka kalmomin dangi da ake kiran wanda ba dangi ba, "oppa" da mace ke kiran yayanta namiji amma kuma take kiran saurayi ko wanda ya ɗan girme ta da suka shaƙu, ko "abi" da "abla" na Turkawa. Sabtaitil yakan maye su da sunan mutum kawai, kunnenka na jin "oppa" idonka na karanta suna. In kuma aka fassara ta a matsayin ɗan'uwa kai tsaye sai mai kallo ya rikice ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne. A nan Hausa ta fi Turanci sa'a, "yaya" na ɗaukar kusan duk wannan nauyin.

Bincika ko fassarar ta biyo ta wani harshe

Yawancin fassarar da ke yawo ba daga asali take zuwa kai tsaye ba. Ana fara yin ta Turanci, sai sauran harsuna su ɗauka daga nan, duk abin da Turanci ya zubar ya zube wa kowa ko da harshen ƙarshe na da wurin ajiye shi. Misali Baturke in ya wuce mai aiki yakan ce "kolay gelsin", wanda kusan "sannu da aiki" ne sak, amma Turanci ba shi da irin wannan gaisuwar sai a sa "barka" ko a share layin, mai fassara na biyu bai ma san an yi ta ba.

Alamomin ba sa ɓuya. Za ka ga ana ce wa mace "ka" ko ana ce wa taron mutane "kai", domin wanda ya fassara "yu" yake gani a takarda ba ya kallon hoton. Za ka ga karin maganar Turawa a bakin tsohuwar ƙauyen Koriya. Sai kuma batun jinsi: Turkanci kalma ɗaya gare shi ta shi da ita, "o", don haka marubuci na iya ɓoye ko wanda ya zo da daddare namiji ne ko mace har kashi goma. Turanci dole ya zaɓa, Hausa ma haka, ya zo ko ta zo. In ka ga an yi ta cewa "shi" sai daga baya aka bayyana mace ce kuma ba wanda ya yi mamaki a cikin fim ɗin, ba yaudarar marubuci ba ce, mai fassara ne ya yi caca ya faɗi. Mai wayo "an zo" zai ce ya tsira.

Na ƙarshe: raba takura da ganganci

Yanzu kana da jerin wuraren da aka canja. Kowanne ka yi masa tambaya uku: lokaci ne bai isa ba, leɓe ne suka hana, ko harshen ne ba shi da abin? In ɗaya ta amsa to takura ce, ka yi wa mai fassara uzuri. In babu wadda ta amsa, ga lokaci, ga bayan ɗan wasa aka nuno, ga kalmar akwai ta, amma duk da haka aka faɗi wani abu daban, to hannu aka sa.

Dobin ya fi sauƙin sa hannu domin ya shafe shaida, babu muryar asali da wani mai jin harshen zai kama ka da ita. Gwamnatin Janar Franco, mai mulkin kama-karya a Sifen, ta wajabta ɗora murya kan finafinan waje a 1941, kuma masu tace finafinai sun yi amfani da damar. Sanannen misali shi ne fim ɗin Mogambo na 1953, inda aka mayar da mata da miji wa da ƙanwa don a ɓoye cewa matar aure ce ke son wani, sai abin ya fi muni domin hoton na nan yana nuna su a matsayin ma'aurata. Hoton bai san an canja magana ba, shi ya sa taswirar da ka zana a kallon farko take da amfani: in an ce lemo ne a kofi amma mutum na tangaɗi, ko an ce "ƙawata ce" amma kiɗan soyayya na tashi, ka gane.

Akwai kuma gangancin da ba ɓoye-ɓoye ba ne, zaɓi ne na salo, kuma yana iya canja dirama gaba ɗaya. Diramomin Meziko da aka riƙa nunawa a ƙasashen Larabawa a shekarun 1990 da Larabcin fusha aka ɗora musu murya, harshen littafi da labarai, sai masoya na faɗa kamar masu karanta jawabi. A 2008 tashar MBC ta nuna diramar Turkiyya da Larabcin Siriya na yau da kullum, har sunaye aka canja, Gumush ta koma Nur, Mehmet ya koma Muhannad, mutane suka ji kamar maƙwabtansu ne ke magana kuma ta karɓu ƙwarai. Karin harshe ma haka yake: in a asali akwai mai maganar ƙauye ko ta wani yanki, sabtaitil yakan goge bambancin kowa ya yi daidaitacciyar magana, dobin kuma in ya ba shi karin wani yanki na harshen fassara sai ya kwaso duk abin da masu kallo ke ɗauka game da mutanen yankin, wanda marubucin asali bai taɓa nufi ba, mutum mai mutunci ya koma abin dariya daga buɗe baki.

In ka gama, koma ka kalli sin ɗin karo na huɗu da muryar asali da sabtaitil, takardarka a gefe. A namu abin da za ka tarar a rubuce shi ne: sakan na 4 wasan kalma, sabtaitil ya kashe shi saboda lokaci, dobin ya musanya shi ya ƙara wa mutumin rusunawa. Sakan na 9 kalma mai fuska biyu, kowanne ya ɗauki fuska ɗaya, an yar da "yo" kuma babu wanda ya rama. Daga nan sai ka bi kashi biyu ko uku na gaba da kunne kawai kana jiran ƙarshen jimlolinta in tana masa magana. In "yo" ta dawo washegari to fushi ne ya ƙwace mata baki a ranar. In ba ta dawo ba, kuma shi ma ya fara yar da tasa, to tun a kan tuffar nan aka sasanta.